Ƙawata ta yi mini nisa bayan aure: in neme ta ko in haƙura?

Tambaya: Hajiya, ina da ƙawa tun muna 'yan talla a garinmu, ita ce babbar ƙawata ranar aurena. Ni an kawo ni wani ƙauye a ƙasar Ringim, ita an kai ta wajen Jahun. Yau shekara 5 ke nan, 'ya'yana biyu, nata ɗaya. Da ta haihu na je mata da turmin atamfa da naira 10,000. Ni kuwa da na haifi na biyu, wata 4 da suka wuce, ba ta zo ba, sai naira 2,000 ta aiko. Mun haɗu a wani biki, gaisuwa kawai muka yi kamar baƙi, alhali ba mu yi faɗa ba. In na tuna ta kuka nake yi, maigidana yana cewa ai ƙawa ce ba uwa ba. Girman kai take yi mini, ko ni ce na ƙi girma? In neme ta ko in haƙura?

Amsa: 'Yata, ki neme ta. Amma kafin ki ɗaga ƙafa, zauna mu yi lissafin naira 2,000 ɗin nan, don ina kyautata zaton a nan maganar take kwance.

Kin san yadda biki yake tsakanin mata a garuruwanmu. Abin da aka kawo miki ranar sha'aninki ba kyauta ba ce zalla, ajiya ce. Ana rubutawa ko a riƙe a ka, kuma ranar da mai shi ta tashi nata sha'anin za ki mayar, a wurare da yawa ma sai kin ɗora a kai, wasu har ninkawa suke yi. A ce turmin da kika kai ya ci naira 10,000. Kin ga kin ajiye mata kayan naira 20,000 ke nan. Ranar da labarin haihuwarki ya iske ta, abin da ya fara faɗo mata a rai bayan barka shi ne wannan nauyin, ga kuɗin mota da na acaɓa zuwa da dawowa, ga ɗan abin da za ta riƙe wa uwar mijinki don kada ta shiga gida hannu rabbana. Macen da ke cikin kulle, sana'arta ƙuli-ƙuli ko saƙar hula ko surfe, in tana samun ribar naira 300 a rana, sai ta yi sama da wata biyu ba ta taɓa ko kwabo ba kafin ta haɗa 20,000. Suna kuwa kwana bakwai ne, ba ya jiran kowa. In ba ta cikin adashi, ko ɗaukarta bai zo ba, ko ta riga ta sayar da akuyarta wajen jinyar yaro, to zaɓi biyu ya rage mata: ta zo ta zauna a tsakar gidanki ana kirga gudummawa a gaban dangin mijinki, a ji babbar ƙawa ta kawo abin da bai taka kara ya karya ba, ko ta ƙi zuwa ta aiko da abin da ya samu. Mata da yawa na biyun suke ɗauka.

Ki lura da abu guda: ta aiko. Wadda ta yanke ƙauna da ke ba ta wahalar da kanta neman ɗan aike daga ƙasar Jahun zuwa ƙasar Ringim a kan naira 2,000. A aikin ungozoma da sasanta mata da na yi a ƙauyukan Jigawa, ƙawancen da na ga ya mutu saboda ƙiyayya kaɗan ne. Mafi yawa kunyar bashin biki ce take kashe shi, kuma a shiru take kashewa. Wadda ake bi tana sunkuyar da kai, wadda ke bin bashin tana ɗaukar sunkuyarwar a matsayin girman kai, ita ma sai ta ɗaure fuska. Gaisuwar baƙin da kuka yi a bikin nan, ina jin kowacce a cikinku ta koma gida tana cewa ɗayar ce ta canza.

Ban ce lallai haka ne ba. Akwai wasu dalilan, kuma ana iya gane su. In mijinta ne ko uwar mijinta suka hana, za ki ji cewa ba ke kaɗai ba ce: ba a ganinta a sha'anin kowa, hatta na danginta sai nadiran, kuma in an kira wayarta namiji ne yake ɗauka ko a ce ta ba da caji. Wannan uwarta ko ƙanwarta da ke garinku za su faɗa miki ba tare da kin tsananta tambaya ba. In kuwa ana ganinta a bikin kowa sai naki, to ko bashin nan ne, ko wata magana ce ta kai mata. Ki tuna ko ta taɓa ba ki wani sirri na gidanta, ke kuma kika faɗa wa mutum ɗaya tak, ko yayarki ce. Magana a ƙauye ba ta buƙatar mota. Sannan akwai wanda mata ba su cika kawowa a rai ba. Kun yi aure kusan tare, ke 'ya'ya biyu ita ɗaya. Kin san ko ta yi ɓari a tsakani? Kin san ko an fara yi mata gorin haihuwa, ko ana maganar kishiya? Macen da ta yi ɓari wata biyu da suka wuce, zama a gidan suna azaba ne gare ta, kuma ba za ta iya faɗa wa mai jego haka ba.

To yanzu batun kukanki, don ban yarda cewa kin ƙi girma ba. Maigidanki bai yi ƙarya ba da ya ce ba uwa ba ce, sai dai bai san abin da kika rasa ba, kuma da wuya ya sani, don shi aure bai raba shi da kowa ba. Yana garin da aka haife shi. Abokan da suka yi kiwo tare suna nan a majalisa bayan isha'i, suna haɗuwa a masallaci sau biyar, suna tafiya kasuwar Gujungu ranar Lahadi a mota ɗaya. Ke kuwa rana ɗaya aka naɗe ki a mayafi aka kai ki garin da ba wanda ya san ki da sunan wasanki. A can ke matar wane ce, daga baya maman wane. Wadda ta san ki kina yarinya, ta san wanda ya fara tsayar da ke zance, ta san ranar da kika zubar da kuɗin talla ta rufa miki asiri, ita ce wannan ƙawar. Da ta yi nisa, mai shaidar yarintarki ce ta tafi. Kuma irin wannan rashin ba a yi masa zaman makoki, ba wanda zai shigo ya ce Allah ya ba ki haƙuri, don mutuniyar tana raye tana daka a wani gari. Shi ya sa yake daɗewa a zuciya. Ki yi kukanki, ba abin kunya ba ne. Sai dai ki daina kai wa maigidan wannan maganar a sigar kuka, zan gaya miki dalili nan gaba.

Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne, kusancin da kike kewa ba zai dawo yadda yake ba, ko da gobe kun shirya. Ba soyayya ce kaɗai ta gina shi ba, lokaci ne. Kuna tare a rijiya da safe, tare a makarantar allo, tare a yawon talla, tare a dandali da dare. Ba wadda ta taɓa shirya ganin ɗayar, rayuwa ce take haɗa ku. Wasu masana halayyar ɗan Adam a Ingila, Sam Roberts da Robin Dunbar, sun bi wasu ɗalibai tsawon wata 18 daga lokacin da suke gama sakandare har suka watsu, suna auna yadda kusancinsu da mutane yake canzawa. Sun ga na dangi yana jure rashin haɗuwa, na abokai kuwa yana raguwa da zarar mu'amala ta ragu. Sun kuma ga 'yan mata da yawan magana da juna suke riƙe ƙawance, samari kuwa da yin abu tare. Kakanninmu sun riga su da cewa zumunta a ƙafa take, amma binciken ya nuna inda ciwon mace yake: abin da ke raya ƙawancenta hira ce mai tsawo, ita ce kuma aure da goyo suka fara ƙwacewa. Mai shayarwa da ɗan yaye a gindinta, ga girki a murhu, ga kishiya ko facala a ƙofar ɗaki tana kasa kunne, wace hira za ta yi a waya da katin naira 100?

Don haka abin da za ki nema ba ƙawancen 'yan mata ba ne, na matan aure ne, kuma shi tsarinsa daban. Ganin juna sau biyu ko uku a shekara, aike a tsakani, da tabbacin cewa ranar da babban abu ya same ki za ta zo. Tsofaffin da kike gani a gidan biki sun keɓe gefe suna dariya har da hawaye, yawancinsu haka suka riƙe juna shekara da shekaru. Kusan kowacce ta yi wasu shekaru na tsakiya, lokacin haihuwa bi da bi, da kamar an rabu.

Ga yadda zan so ki bi, kuma kada ki fara da waya. Wayar mace a ƙauye sau da yawa ba tata ba ce ita kaɗai, kuma kira ba zato yana iske mutum hannu cikin ƙullu, ta amsa a gajarce, ke kuma ki kashe kina cewa kin ji muryarta a sanyaye. Ki fara da aike, kuma abin da za ki aika ya zama wanda ba a sa shi a lissafin biki. Kada ki aika kuɗi, kada ki aika zane ko rigar yaro, don nauyi za ki ƙara mata. Ki aika abin ci daga hannunki: ƙullin daddawa, garin kuka, kwalbar man gyaɗa, ko yajin jegon da ya rage miki. Irin wannan ana karɓarsa ba fargaba, kuma ko matalauciya tana iya ramawa da ɗan zoɓo ko riɗi. Ki ba wa mace, ba namiji ba. Dillaliyar da ke zaga garuruwan, ko wata tsohuwa mai cin kasuwa, ko ki bi ta hannun uwarta. Saƙon baki kuma gajere: kuɗi sun iso, Allah ya saka da alheri, yaro yana gaida innarsa, yaushe za ta zo ganin gida? Cewa kuɗin sun iso kuma kin gode shi ne muhimmi, don tun wata huɗu take jiran ta ji yadda kika ɗauke su. In ba ki aika godiya a lokacin ba, ta riga ta fassara shirunki.

Wurin haɗuwa kuma, garinku ya fi gidanta ko gidanki. Neman izinin zuwa gidan ƙawa abu ne da maza da yawa suke jin nauyinsa, amma zuwa gaida iyaye ba mai hanawa sai azzalumi. Ku daidaita ganin gida a mako guda ta bakin iyayenku mata. A can ba uwar miji, ba kishiya, akwai masu karɓar yara, kuma ba wadda za ta ji kunyar ɗakinta ko tukunyarta. Ki duba lokaci ma. Tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi taki da 'yan ƙwadago, hanyoyin fadama sun cika da ruwa, duk abin da kika roƙa za a ce ki bari. Tsakiyar rani kuma mai yiwuwa mijinki ko nata ya tafi ci-rani ya bar umarnin kada a fita. Bayan kaka, an shigo da gero an sayar da gyaɗa da riɗi, ko kwanakin bayan Sallah, nan ne ake samun kuɗin mota da sakin fuska a tare.

Maigida kuma, abin da ya sa na ce kada ki riƙa yi masa kuka a kanta: namiji in ya ga wata ta mamaye zuciyar matarsa haka, sai ya fara ɗaukarta abokiyar gaba. Dama maza suna da tsoron ƙawaye, suna ganin su ne masu zuga, kuma gaskiya wani lokacin ba su yi kuskure ba. Ki same shi bayan ya ci abinci, ba a gaban mahaifiyarsa ba, ki faɗi ranar tafiya, wanda zai raka ki, da ranar dawowa. Ki gaya masa a fili cewa wance ma za ta zo, kada ya ji a bakin wani. Sannan ki dawo ranar da kika ce, ko da ana roƙonki ki ƙara kwana, don dawowar nan ita ce take buɗe miki ƙofa a karo na gaba. In shi mai sauraron addini ne, ki tuna masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija da nama bayan rasuwarta. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Wanda ya girmama ƙawayen matarsa bayan ba ta duniya bai ɗauki ƙawancen mata abin banza ba.

Ranar da kuka zauna, kada ki buɗe da "me na yi miki". Tambaya ce da ke sa mutum kare kansa, kuma in kunya ce dalilin, ba za ta iya amsawa ba sai da ƙarya. Ki fara da naki: yadda jegon nan ya zo miki, abin da kika sha. Rabin sa'ar farko za ta yi nauyi, za ku yi ta maganar yara da tsadar masara, kada ki ɗauka alamar mutuwa ce. Sai kin ga ta saki jiki, sannan ki karya bikin da bakinki, don ke ce mai bin bashi, ita ba ta da bakin nema. Ki ce mata wani abu kamar: "Wance, ni fa tsakanina da ke na daina lissafi. Zamani ya yi tsada, ni ma ba zan iya irin na da ba. Daga yau duk wadda ta tashi sha'ani, abin da ya samu shi ne, amma ƙafa dole." Ki sa kanki cikin masu gazawa, kada ya zama kamar yafiya kike yi mata daga sama. Kuma ki cika: in ta haihu nan gaba, kada ki sake zuwa da turmi. Ki kai naira 2,000 ko 3,000 da sabulu, ki isa da wuri, ki kama aiki a madafa. Na san hannunki zai yi ƙaiƙayi, musamman in Allah ya hore miki, amma babbar kyauta ga wanda ba zai iya ramawa ba korarsa take yi.

Sirrin gidan miji kuma ki riƙe shi a wannan zaman. Ba don ba ta da amana ba, sai don yanzu kowacce a cikinku tana da kunnuwan da ke kewaye da ita, kuma shekara 5 sun isa a sake gwada juna da ƙananan abubuwa tukuna.

Yadda za ki gane ko akwai sauran rai a abin bai da wuya. In aikenki ya dawo da amsa, ko da gaisuwa ce ta baki da ta ambaci sunan yaranki, to da rai. In ta kasa zuwa ganin gida amma ta aiko da dalili da wata rana, da rai, ƙofa ce ba ta hannunta. In kuwa kin yi aike a kaka, kin sake a Sallah, kin je garinku ta san kina nan ita ma tana nan ba ta leƙo ba, to ki tsaya. Kada ki bi ta da saƙon gori, kada ki kai ƙararta wajen sauran ƙawayenku. Abin da addini ya hana shi ne ƙaurace wa juna fiye da kwana uku, a haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, kuma mafificinsu wanda ya fara sallama. Bai wajabta miki aminci da wanda ya ja baya ba. Ki riƙe gaisuwa, ki je ta'aziyya in an yi mata rasuwa, ki bar sauran. Na ga waɗanda suka dawo wa juna bayan sun aurar da 'ya'ya, na kuma ga waɗanda ba su dawo ba, ba tare da ɗayansu ta zama muguwa ba.

Ko ta dawo ko ba ta dawo ba, kina buƙatar mace a garin da kike, wadda za ki aika yaro ya kira cikin dare in zazzaɓi ya tashi. Islamiyyar matan aure, adashin unguwa, layin rigakafi a asibitin garinku, nan ake samunta, kuma a hankali. Kada ki auna ta da waccan, za ta faɗi awon ba laifinta.

Abu na ƙarshe ya shafi jikinki, tunda goyonki wata huɗu ne. Kewar ƙawa tana zuwa ne ta wuce: ki tuna, ki yi hawaye, ki share, ki ci tuwonki, ki yi wa jariri wasa. Amma in kukan ya zama na kullum fiye da mako biyu, barci ba ya zuwa ko da yaron ya yi barci, abinci ya fita ranki, kina jin ba ki da amfani, ko ba kya jin daɗin ɗaukar jaririn, to wannan ya wuce batun ƙawa. Akwai ciwon damuwa da ke kama mata bayan haihuwa, ba aljanu ba ne ba kuma raunin imani ba, kuma yana da magani. Ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ranar da kika kai shi rigakafi, kamar yadda kika faɗa mini, ta duba ki ko ta tura ki babban asibiti. In kuwa tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa zo miki, kada ki jira ranar rigakafi, ki sa a kai ki a ranar.